Wasiƙar Madam kan masu kira su yi shiru

Shekara ta biyu da barina Filinge zuwa Yamai na samu aiki a wani ɗakin amsa kira na manoma da makiyaya. Lamba ce ta kyauta. Mutum zai buga daga ƙauyensu ya tambayi labarin ruwan sama, ko tsutsar da ta faɗa wa gero, ko ciwon dabba. Abin da muka sani mu faɗa masa, abin da ya fi ƙarfinmu mu haɗa shi da malamin gona ko likitan dabbobi da ke zaune a ɗakin gaba. Mu goma sha biyu ne, kowa da kaski, wato abin sauraro mai makirfo, a kunne da odinatar, wato kwamfuta, a gabansa. Ni aka ba Hausa da Faransanci, na kuma iya Zabarmancin kasuwa, irin wanda duk 'yar Kurfai, yankinmu na Filinge, take tashi da shi.

Akwai dokar da muka tarar a gidan. In ka ɗaga kira ka ji shiru, ka ce "alo" sau biyu, ka ƙirga sakan goma, ka yanke. Dalili kuwa ana auna mu da tsawon lokacin da muke ɗauka a kan kowane kira, kuma a bango akwai allo mai nuna yawan mutanen da ke jira a layi. Da lambar ta hau sai ta koma ja, kowa ya shiga sauri.

Ni dai yankewar nan ba ta taɓa kwanta mini ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, baduku ne a kasuwar Filinge, kuma yana da i'ina mai tsanani. Tun ina ƙarama na san yadda kalmar farko take maƙale masa. Sai ya runtse ido, ya buga ƙafa a ƙasa, numfashi ya riƙa fita a gutsure. In ka jira shi, da ta farko ta fito sauran suna biyo ta. In ka gaggauta shi kuwa, ka rufe masa baki na yinin nan. Don haka ni nakan wuce sakan goma, wani lokaci har rabin minti. A ƙarshen wata sunana yakan fito cikin masu nawa.

Da aka kawo mana sabuwar shugaba, wata dattijuwa mai tabarau wadda duk muke ce wa Madam, ta yi mako biyu ba ta canja komai ba. Zama take yi a buronta, wato ofishinta, tana sauraren kiran da aka naɗa. Wata safiya ta aiko a kira ni. Na shiga ina tsammanin faɗa.

"Zauna, ƙanwata," ta ce. "Lokacinki ya fi na kowa tsawo a kan kiran shiru. Me kike jira?"

Na ce, "Madam, ba duk shiru ne babu kowa ba."

"Nuna mini."

Na roƙe ta ta nemo wata lamba da na lura tana kira duk ranar kasuwar Filinge, wajen hantsi. Sau huɗu ta shigo, sau ɗaya kawai ta faɗo a kaina. Ta buɗe kiran da wani abokin aikinmu ya ɗauka, muka kasa kunne. Ana jin hayaniyar kasuwa daga nesa, jaki yana kuka. Abokin aikin ya ce "alo" sau biyu. Can dab da ƙarshe sai ga numfashi yana fita a gutsure, da wani ɗan sauti kamar mai son cewa "a". Nan layin ya yanke.

Na ce mata, "Wannan mutum sallama zai yi. I'ina gare shi."

Ta sake kunnawa har sau uku. Daga nan ta cire tabarau ta ce, "Sau huɗu ya zo ƙofarmu muna rufewa." Ta tambaye ni me kuma ke hana mutanenmu magana. Na faɗa mata abin da na sani: tsohuwar da ta ji an fara da Faransanci sai ta ɗauka ta yi kuskuren lamba, wanda ke zaton na'ura ce ke magana yana jiran mutum, wanda aka ce masa kyauta ne amma bai yarda ba, yana tsoron da ya buɗe baki kiredinsa zai tafi, da kuma dattijon da ba zai faɗi buƙatarsa ba sai an gaishe shi yadda ya kamata, don "alo" ba gaisuwa ba ce a wurinmu.

Bayan kwana uku wasiƙar ta fito. Ta rubuta da Faransanci, ta ba ni na mayar da ita Hausa, wani ya mayar Zabarmanci, aka ɗora wa kowa a kan teburinsa. Har yau tawa tana nan cikin jakar takarduna. Ga yadda ta fara:

"Abokan aikina, na saurari kiran da muke cewa na shiru. Da yawa babu kowa a kai: waya ce ta bugu a aljihu, ko rezo, wato sabis ɗin waya, ya yanke murya ta gefe guda, ko wasa ake yi. Amma a cikinsu akwai mutanen da suka yi tafiya kafin su sami rezo, kuma ba mu da hanyar bambance su da sauran in ba mun jira ba."

Sai ta jero abin da za mu yi. Mu fara duba kaskinmu, kada ya zama mu ne muka rufe makirfo. Mu yi sallama cikakkiya, mu yi shiru mu ba mutum fili. Mu maimaita da wani harshe. Mu ce, "Mutum ne ke magana da kai, kuma kiran kyauta ne." In har yanzu shiru, mu ce, "In kana jina amma magana ta yi maka wuya, danna kowace lamba a wayarka." Sai bayan minti guda za mu rufe, kuma ba ma rufewa sai mun sanar, mun ce a sake kira ko a matsa inda rezo ya fi ƙarfi. Mu rubuta kiran a odinatar da abin da muka ji a bayansa. Kada mu sake buga lambar da kanmu, don wayar aro ce sau da yawa, ba mu san wa zai ɗauka ba, ba mu kuma san ko mai kiran yana so a san ya kira ba. A ƙarshe ta ce ta cire kiran shiru daga ma'aunin saurinmu, kada wani ya ji tsoron jira.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wanda ke zaune kusa da ni, tsohon hannu ne a aikin, ya karanta ya ajiye.

"Yanzu sai mu riƙa gaida aljihun mutane," ya ce. "Masu magana suna layi suna jira, mu muna nan muna tambayar riga lafiyarta."

Bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. A makon farko na yi wa aljihu sallama ba adadi. Na saurari mashin yana tafiya, na saurari wata tana daka, na saurari masu dariya a ɓoye. Allon bango ya riƙa yin ja fiye da da. Madam kan fito ta tsaya ta dube shi, wani lokaci ta ɗauki kaski ta zauna tare da mu har layin ya ragu, amma ba ta janye ko layi ɗaya na wasiƙar ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, lambar nan ta shigo, kuma a kan maƙwabcin nawa ta faɗa. Ya ga bayanin da aka rubuta a kanta, ya taɓo ni da gwiwar hannu. Ya yi sallama yadda takardar ta ce, ya jira, ya ce a danna lamba. Na ga fuskarsa ta canja.

"Ya danna," ya ce a hankali. "Karɓi, mutumin ƙasarku ne."

Ya turo mini kiran. Na ce, "Salamu alaikum, Baba. Ina kwana, ina gajiya? Ni 'yar Filinge ce. Ba sauri muke ba, ina nan."

Na yi shiru. Ina jin numfashinsa, ina jin yana bugun wani abu da ƙafa. Na kama bakina kamar yadda nake yi wa kawuna. Can sai kalmar ta fito.

"A... amin, alaikumus salam, ɗiyata."

Daga nan magana ta riƙa zuwa, tana tsayawa tana tafiya. Inda ta tsaya ban ƙarasa masa ba. Manomi ne daga wani ƙauye a hanyar Abala, yana da 'yan awaki. Makonni ke nan suna majina da zawo, bakinsu ya yi gyambo, uku sun mutu, na maƙwabta ma sun fara. A ƙauyen babu rezo, sai ranar kasuwa yake shigowa gari ya sa wayar sarji ya kira. Yau ya taho da biyu da yake ganin lafiyarsu lau, ya ɗaure su a gindin wani icce a bayan gari, yana so ya sayar kafin ciwon ya kama su.

"Mi zan yi, ɗiyata? In shiga da su?"

Na ce ya dakata, kada ya kashe waya, zan haɗa shi da likitan dabbobi. Kafin in haɗa su na gaya wa likitan cewa mutumin yana da i'ina, ya yi masa tambayoyi gajeru, ya jira amsa. Na zauna a kan layin. Likitan ya ce alamun sun yi kama da wata annoba mai saurin yaɗuwa a tsakanin awaki da tumaki, amma sai an gani da ido za a tabbatar. Ya ce kada ya shigar da su kasuwa, don dabba tana iya ɗauke da ciwon kafin ya nuna. Ya ware marasa lafiya, kada su sha ruwa wuri ɗaya da sauran. Ya kuma je sarwis ɗin dabbobi, wato ofishin kula da su na Filinge, tun yana cikin gari. Likitan ya ce shi ma zai sanar da su.

Dattijon ya ce, "To. Na koma da su gida."

Kiran ya ɗauki kusan minti ashirin. Da na cire kaski, sai maƙwabcina ya jawo wasiƙar daga ƙarƙashin takardunsa ya manna ta a gefen odinatar.

Bayan mako biyu dattijon ya sake kira. Wata abokiyar aikina ce ta ɗauka, ta jira shi, ya ce a ba shi 'yar Filinge. Ya shaida mini ma'aikatan dabbobi sun je ƙauyen, sun duba, sun yi wa masu lafiya allura har da na ƙauyukan kewaye. Ya rasa ƙarin guda biyu, sauran sun tashi. Ya yi mini addu'a mai tsawo, kuma a cikin addu'ar ko sau ɗaya bai tsaya ba.

A taron ƙarshen wata Madam ta ba da labarin a taƙaice. Ta ce ita ta rubuta wasiƙar, amma kunnen da ya ji abin ba nata ba ne, ta nuna ni. Na sunkuyar da kai, kunya da daɗi suka haɗe mini. Daga baya duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, ni ake ba shi ya zauna kusa da ni kwana biyu. Abu mafi wuya da nake koya musu shi ne su yi sallama su rufe baki. Wasu cikin yini guda suke kamawa, wasu sai sun yi mako suna cewa "alo, alo" kafin harshensu ya saba.