Saƙon Murya Zuwa ga Iyayen Dogo

A shagon wanki da guga da ke bayan tashar mota, kowa Anti yake ce mata, har da waɗanda suka girme ta. Ita ke gugar manyan kaya, don hannunta ba ya ƙona yadi. Ba ta da yawan magana. Ta taɓa auren wani mai haɗa wayar lantarki da ake kira Dogo. Sun daɗe tare, babu haihuwa, suka rabu ba faɗa ba zagi. Bai sake aure ba, ita ma haka.

Tana tsakiyar gugar labule ƙanwarsa ta kira ta ce Yaya Dogo ya rasu da safe a asibiti, ciwon ƙoda ne. Anti ta ce, "To. Allah ya jiƙansa." Ta ajiye wayar, ta ƙarasa labulen, ta ninke, ta jawo na gaba. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Iyayensa sun koma wani gari mai nisa, ba za ta iya zuwa a ranar ba. Kira kuma zai tilasta musu amsawa alhali gida cike yake. Mama ba ta karatu, idon Baba ya yi rauni, don haka rubutu ma bai yi ba. Saura saƙon murya.

Da rana ta shiga ɗakin shanya, ta zauna kan bokitin da aka kife. Tun kalmar farko ta tsaya. Har yanzu tana da ikon cewa Mama da Baba? Ta gwada "Ranku ya daɗe", ta ji kamar mai neman aiki. Ta goge. A na biyu ta sami kanta tana bayanin dalilin rabuwarsu. Shi ma ta goge.

Dattijon da ke kula da injin wanki ya shigo da kwandon zannuwa. Shekarun baya 'yarsa ta rasu, ita ma da girmanta, har ta bar yara.

"Baba, me ake ce wa iyayen da ɗansu ya rasu?" in ji Anti.

Ya fara shanya kafin ya amsa. "Ni dai na san abin da aka ce mini. Wani ya ce in gode Allah ina da sauran 'ya'ya, sai ka ce cokula ne ɗaya ya ɓace. Wata ta ce ta san yadda nake ji, nata kuwa duk suna raye. Masu tambayar yadda abin ya faru su suka fi gajiyar da ni, kowa sai na maimaita masa."

"To wanne ne ya yi maka daɗi?"

"Daɗi babu. Amma wata abokiyar aikin marigayiyar ta kira sunanta, ta ba ni labarinta wanda ban sani ba. Shi nake riƙe da shi. Ki gajarta, 'yata. Kada ki sa su lallashe ki."

Da ya fita ta danna wayar. Muryarta ta fito a bushe, kamar mai karanto lambar kaya.

"Mama, Baba, ni ce. Na sami labarin rasuwar Dogo. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ban san abin da zan ce ya rage muku komai ba. Na dai tuna ranar da ya kwashe yini yana gyara wa tsohuwar maƙwabciyarmu fanka, ya ce in Mama ce zai so wani ya yi mata. Ku kuka raine shi haka. Zan zo ranar hutuna in taya Mama aikin gida. Ba sai kun amsa ba."

Ba ta saurara ba, ta tura. Alama ta nuna an buɗe. Amsa ba ta zo ba a ranar, ba ta zo washegari ba. Anti ta ci gaba da zuwa aiki, tana cin abinci ba ta jin gishirinsa.

Ana gobe hutunta wayar ta yi ƙara. Mama ce, muryarta ta dishe.

"'Yar nan, Babanku yana ta kunna mini saƙonki. Ba fanka ba ce, firji ne. Ya ba ni labari a lokacin."

"Firji ne, Mama. Na manta."



"In za ki zo, ki hau motar safe," in ji Mama. "Ta rana ba ta tsayawa a kwanarmu."

Anti ta ce to. Ta je ta shaida wa mai shago mai yiwuwa ta ƙara kwana ɗaya.