Ƙaramin Ukun Da Malam Bai Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi a ɗakin aji guda, na ƙarshen baranda, wanda tagarsa ba ta rufuwa sai an doka ta da gefen hannu. Ɗalibai suna ce masa Malam Ba-Shi-Suna, a bayan idonsa dai, ko da yake ya sani, kuma a ransa yana jin daɗi. Sunan ya samo asali ne daga wata ɗabi'arsa. Duk lokacin da wani abu mai muni ya fito a allo, irin wanda ke sa yaro ya ajiye biro ya hau kallon silin, sai Malam ya zagaye shi da alli ya ce, "Kun ga wannan mummunan? Ba shi suna. Da zarar ya samu suna, ya zama ɗan gida."

Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai akwai taurin kai a ƙarƙashin sauƙin. Alli yake saye da kansa, fari mai laushi, yana ajiye shi a gwangwanin alewa. Littafin lissafin ajin ƙarshe kuwa ya haddace shi tun daga bango har bango, har ya san shafin da aka yi kuskuren ɗab'i. Wannan haddar ce ta rufa masa asiri shekara biyu cur, tun da wani hazo ya fara sauka a idanunsa. Manyan haruffa yana ganinsu, musamman waɗanda ya rubuta da hannunsa. Ƙananan kuwa sun tafi sun bar shi ba sallama. Asibiti bai je ba, don mahaifinsa ya shiga ɗakin aikin ido da ƙafarsa, ya fito ana riƙe masa hannu har ƙarshen rayuwarsa, kuma wannan hoton bai taɓa barin Malam ba.

Sai ga shi a bana an sauya littafi.

Matarsa tela ce, kekenta na falo kusa da taga. Da ma shi ne mai zura mata zare a allura in ya dawo daga makaranta, yana tsokanarta wai idonta ya tsufa. Ta lura da ranar da ya daina. Da sabon littafi ya zo, sai ya ƙirƙiro dabara: wai yana so ya gwada ko bayanin littafin zai shiga kunnen wanda bai yi lissafi mai zurfi ba. Kullum da yamma ta ture ɗinki gefe ta karanta masa darasin gobe, shi kuma ya lumshe ido yana haddacewa. Ba ta san sunayen alamomin ba, sai ta raɗa musu nata. Alamar tushe ita ce "rumfa", baka biyu kuwa "kunnuwan tukunya".

Duk da haka magana ta kai ofis. An ce Malam yana kiran yaro da sunan wani, an ce ya ba takardar da babu komai a cikinta maki shida. Shugabar makarantar, wadda ta girme shi a muƙami ya girme ta a shekaru, ta kira shi ta yi masa magana cikin ladabi. Ɗakin ajiye littattafai na buƙatar babban mutum, in ji ta, gara ya koma can, wurin da babu hayaniya. Zuciyarsa ta yanke. Ya san ɗakin: kujera ɗaya, rajista ɗaya, da ƙura. Kuma saura wata uku ajinsa su shiga jarrabawar fita.

"Ranki ya daɗe, lafiyata ƙalau," ya ce. "Ki zo ki gani da idonki."

"Zan zo ranar Laraba," in ji ta.

Ranar Talata da yamma matarsa ta buɗe babin iyaka, wato lambar da lissafi ke nufa yayin da wani abu a cikinsa ke ta ƙanƙancewa.

"Ga rumfa," ta ce, "a ƙarƙashinta takwas a tara da h. Sai a cire biyu. Duka a kan h. Wai h tana tafiya sifili."

"Takwas kika ce? Duba dai."

"Malam, takwas kam na san shi. Ƙwallo biyu ne, ɗaya kan ɗaya."

Ya juya abin a ransa. Tushen takwas, wato lambar da za ka ninka da kanta ta ba ka takwas, ba biyu ba ne, biyu ne da 'yan kai, don haka tambayar ba ta zauna ba. Sai ya yi murmushin mai kama ɓarawo. Masu ɗab'i ne suka sake yin halinsu, huɗu suke nufi. Ya kwana da murnar zai nuna wa shugaba cewa har littafi yake gyarawa.

Laraba ta zo. Shugaba ta zauna a bencin baya da takarda a cinya. Malam ya rubuta tambayar da manyan haruffa, ya sa huɗu a gurbin takwas, ya yi wa masu ɗab'i ɗan ba'a. Ya ninka sama da ƙasa da abokin tushen, wato irin na saman amma da tarawa a gurbin cirewa, abubuwa suka soke juna, amsa ta fito ɗaya bisa huɗu. Aiki tsaf, babu ko tangarɗa. Ya juyo yana karkaɗe alli daga hannunsa, yana jiran irin gunagunin nan na "oho!" da ya saba ji.

Babu wanda ya yi motsi. Yara arba'in, littafi a buɗe gaban kowa, kowa ya sunkuyar da kai. Shi da ba ya ganin fuskokinsu sosai, shirun ya ji, kuma ya san ba shirun fahimta ba ne.

Akwai wata yarinya a layin gaba da ake kira Gardama, don ba ta taɓa barin magana ta wuce ba a tauna ta ba. Ranar kam muryarta ƙasa-ƙasa ta fito.

"Malam, ba kuskuren littafi ba ne. Akwai ƙaramin uku a kafaɗar alamar."

Nan take komai ya faɗo masa. Tushe na uku ne, lambar da za ka jera sau uku ka ninka ta ba ka abin da ke ƙarƙashin rumfa. Biyu sau biyu sau biyu, takwas. Tambayar daidai take tun farko. Ya ɗauki littafin ya kawo shi dab da hancinsa, ya ga wani ɗan duhu-duhu kamar ƙuda ya sauka a takarda. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne gane cewa yaran nan sun daɗe da sani, suna ta rufa masa asiri.

Hanyar tsira tana nan a buɗe. Zai iya yin dariya ya ce gwada su yake yi, malamai da yawa sun sha da wannan. Har bakinsa ya buɗe. Sai ya rufe littafin ya ajiye a tebur.

"Ban gan shi ba," ya ce. "Shekara biyu ke nan ba na ganin ƙananan rubutu. Ranki ya daɗe, ki rubuta wannan a takardarki, gaskiya ce." Ya miƙa wa Gardama alli. "Zo ki zama hannuna. Goge huɗun nan, mayar wa mutane takwas ɗinsu, ki sa ukun, ki yi shi ƙato."

Aka yi 'yar dariya mai rawa. Ta rubuta (∛(8 + h) − 2) / h.

"To, wa zai gwada dabarar ɗazu a nan?" in ji Malam.

Wani dogo daga tsakiya ya ce ya riga ya gwada, tushen ya ƙi fita.

"Ba zai fita ba, wannan dabarar ta tushe na biyu ce. Na uku yana da tasa, amma doguwa ce, rumfa kan rumfa, ni kuma kun ji halin da nake ciki. To me ake yi wa mummuna?"

"A ba shi suna!" ajin ya amsa da baki ɗaya.

"Sunansa t. Duk abin da ke rumfar nan, da rumfar, t ne. In ka ninka t sau uku, me za ka samu?"

"Takwas da h."

"Ashe h ita ce t³ a cire takwas. Rubuta." Ya juya wa allon baya gaba ɗaya, yana fuskantar yaran. Gardama ta rubuta (t − 2) / (t³ − 8). Rumfa ta ɓace.

"Yanzu ƙasan nan, bambancin abu biyu ne da aka ninka sau uku-uku. Ku fasa min shi."

Suka fasa: (t − 2) sau (t² + 2t + 4). Na sama ya soke ɗan'uwansa na ƙasa, ya rage ɗaya bisa (t² + 2t + 4).

"Sai a sa sifili, a samu ɗaya bisa huɗu!" in ji dogon, da zumuɗi.

"Tsaya, sarkin gaggawa. Wa ke tafiya sifili?"

"H ce."

"To t fa? Ka ba mutum sabon suna, sai ka tambaye shi inda za shi. In h ta ƙare, me ya rage a rumfa?"

"Takwas... t tana tafiya biyu ke nan."

"Huɗu, da huɗu, da huɗu," in ji Malam.

"Ɗaya bisa goma sha biyu!" ajin ya amsa. Aka ji ana ta juya shafuka zuwa bayan littafi inda amsoshi suke, sai ga gunagunin nan da yake jira ya taso, har da masu buga benci.

Bayan an tashi, shugaba ta same shi yana lalubar murfin gwangwanin allinsa. Ta ɗauko ta miƙa masa.

"Malam, ni ban yi lissafi ba, amma yau na gane. Ajin naka ne har jarrabawa. Gyaran takardu za a ba wani. Sharaɗi ɗaya: Litinin ka je likita ya duba idon nan."

 Ya gyaɗa kai kawai.

A gida ya tarar da matarsa tana kan keke. Ya zauna a kujerar kusa da taga ya ba ta labari duka, bai rage komai ba. Ta tsayar da ƙafarta.

"Wannan ɗan ɗigon? Wallahi na gan shi. Na ɗauka datti ne, har na kankare shi da farce."

Ya yi dariya har da hawaye, daga baya dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba.

"Ba na gani sosai," ya ce. "Kuma tsoron asibiti nake ji."

"Na sani, Malam. Tun ranar da ka daina zura min zare." Ta cire rigar da ke ƙarƙashin allura ta ninke ta a hankali. "Shekara biyu ina jira in ji daga bakinka. Litinin ɗin ba zan buɗe keke ba, tare za mu tafi."