Tazarar Yatsa Biyu

Shekarar da na fara tallar sarƙa da 'yan kunne a waya, ƙanwata ta turo mini yadda zan ɗauki hotonsu, dalla-dalla. In shimfiɗa farin ƙyalle a bakin ƙofa, inda rana ba ta bugawa. Sarƙa a tsakiya, 'yan kunne a dama, tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Launi kada ya wuce uku: fari, ruwan zinari, sai koren ganyen lalle a hagu don kada dama ta rinjaya. In riƙe waya daga sama, kada inuwata ta shiga.

Na jera, na shiga ɗauko waya. Kafin in fito, Inna, wadda ta tsufa tana sayar da kayan koli a Gummi, ta cike kowane gurbi da jan goro da madubai.

Na ce, "Inna, da gangan aka bar filin nan!"

Ta ce, "Ki nuna ma duniya rabin kaya, a ce ɗiyata ta karye?"

Na ɗauka haka nan, na tura wa ƙawaye. Huɗu suka amsa. Dukansu goron suka taya.