Kawuna da Kakar Hannun Jari

Kawuna, yayan mahaifiyata, ɗan kasuwar hatsi ne a Babura, kuma tun ina yarinya hanya ɗaya na san shi da ita. Da kaka, gero na araha, ya saya ya cika sitonsa. Ya kulle ya yi zamansa har damina ta faɗi, rumbunan mutane su yi ƙasa, sannan ya buɗe ya sayar. Da wannan ya rufa wa kansa asiri, ya rufa wa 'yan'uwansa. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin siton nan.

Ni kuwa a lokacin ƙaramar ma'aikaciya ce a wani kamfanin dillalan hannun jari a Kano, nakan dawo gida Kazaure ƙarshen mako. Shekarun nan ne da bankuna ke ta sayar wa jama'a hannun jari, farashi yana ta hawa, har malamin makaranta da mai shagon magani kowa na zancensa. Kawu ma ya shiga, ta hannun wani dillali abokin cinikinsa. Ba ta kamfaninmu ba, don a cewarsa ba zai ba 'yar da ya goya amanar kuɗinsa ba, sai ta saya masa alawa da su.

Yana kirana Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu na ci. Ranar da na kai masa ziyara ya zaunar da ni a benci a ƙofar sito, ya ce in fassara masa abin da masu sharhi ke faɗa a rediyo. Na ce idan farashi ya daɗe yana hawa, Turawa na cewa kasuwar bijimi ake ciki, don bijimi sama yake kai ƙaho. Idan ya daɗe yana faɗuwa, sai su ce kasuwar beyar, wata dabbar ƙasashen sanyi mai kai duka ƙasa da farce.

"Bijimi dai na san shi, ga su can a kara," in ji shi. "Wancan ɗayan kuwa, in ya zo Babura zafi ne zai kashe shi."

Na yi dariya, na ci gaba. Na ce masu nazari sukan kasa juyin kasuwa gida huɗu. Akwai lokacin tarawa, farashi yana ƙasa, kowa ya gaji, masu haƙuri na saye a hankali. Sai hawa, jama'a su rugo. Sai lokacin sauke kaya, farashi ya tsaya a sama yana rawa, waɗanda suka shiga da wuri suna sayar wa 'yan baya. Daga nan sai gangara. Ya saurara sosai, yana gyaɗa kai, fuskarsa ta cika da murna.

"Uwata, ai wannan sana'ata ce kike karanta mini. Kaka, ajiya, bazara, damina. Ashe don wannan aka biya miki kuɗin makaranta?"

Na ce akwai bambanci, Kawu. Kaka tana da wata, kowa ya san ranar zuwanta. Matakan nan kuwa ba su da kalanda, sai sun wuce ake iya cewa ga inda aka tsaya. Ya ce haka yara ke cewa a kan damina ma.

Da farashi ya fara sauka, masu sharhi suka ce gyara ne kawai. Gyara shi ne kasuwa ta sauka kamar kashi goma cikin ɗari daga inda ta kai, ta huta, sau da yawa ta sake tashi. Sai ta kai kashi ashirin ko fiye, ta kuma zauna a haka, ake ce mata beyar. Matsalar ita ce kowace beyar da kamannin gyara take farawa. A ofis ina ganin allon ciniki kullum: masu son sayarwa sun yi layi, masu saye babu. Manyanmu sun daina raha, wayoyi sai ƙara suke yi.

Wata Juma'a na iso Kazaure na tarar da mahaifiyata zaune a tsakar gida, ta tasa tsintar shinkafa a gaba ba ta taɓa ba. Ta ce yayanta ya fara fitar da geron sito, ga shi ko sanyi bai gama wucewa ba. Washegari na hau motar Babura, raina a ɓace.

Na tarar da mota a ƙofar sito, 'yan dako na ta lodi. Na durƙusa na gaishe shi, ban ma bari gaisuwar ta ƙare ba.

"Kawu, geron da kuka saya da kaka kuke sayarwa yanzu? Ai ko kuɗin dako bai fitar ba."

"Na sani," ya ce. "Amma can kakar ta fi araha. Hannun jarin da na saya da tsada ga shi ya karye. Wanda ya ga kaka bai saya ba, ai ba ɗan kasuwa ba ne."

Na ce masa abin ya wuce gyara, gangara ce, kuma babu wanda ya san ƙarshenta, har manyan ofishinmu. Na ce gero ko ya yi araha dole a ci shi, yunwa ce ke dawo da farashinsa. Takardar banki babu mai jin yunwarta, kuma bankin kansa yana iya durƙushewa. Na roƙe shi ya bar ko rabin siton ne. Har kuka na yi, a gaban 'yan dako, abin da har yau nake jin kunyarsa da haushinsa.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Uwata, ke tsoro aka koya miki, ni haƙuri na koya. Tashi ki shiga gida ki ci abinci."

Bayan ya sayi ƙarin hannun jari da kuɗin geron, farashi ya ɗan ɗaga na wasu makonni. Ya kira ni a waya yana tsokanata, wai ina dabbar tawa mai farce. Na san irin wannan ɗagawar, tana faruwa a tsakiyar gangara, ita ce ma ke cinye masu ƙarfin hali. Na faɗa masa, ya ce Allah ya shirye ni. Daga nan kasuwa ta ci gaba da zubewa, wata bayan wata.

Damina ta zo da tsadar hatsi. Mutanen Nijar suka shigo da kuɗinsu na sefa suna neman gero ido rufe, maƙwabtansa suka buɗe sito suka yi ciniki, nasa kuwa babu komai sai tsofaffin buhuna. Ya jira damina ta biyu, ya jira ta uku, ko hannun jarin zai tashi. Kasuwar hannun jarin ta farfaɗo daga baya, kamar yadda masu nazari suka ce takan yi, amma ba da shi ba. Bankin da ya fi zuba wa jari yana cikin waɗanda hukuma ta karɓe, hannun jarinsa ya tashi a banza. Da kaka ta zagayo ba shi da abin sayen gero, sai ya sayar da siton.

Na je gaishe shi wata ranar kasuwa. Na same shi a rumfar wani, yana dillancin buhunan mutane, ya rame, amma rigarsa fes kamar kullum. Ba mu yi zancen asarar ba, ni ban iya ba, shi bai so ba. Da na tashi tafiya ya ce in dakata, ba zan koma wa ƙanwarsa hannu biyu ba. Ya tsallaka layin masu awo, ina tsaye ina kallonsa daga nesa, ya tsuguna gaban wata mai tiya yana neman ragi a kan kwano ɗaya na gero.