Amsar Shagon Turare da Surukar Yaya

Shagon turaren wuta da humra na yayata yana Unguwar Sarki, kuma wayar shagon a hannuna take. Da saƙonni suka hana Yaya sakat bayan an tashi, sai muka kunna amsar nan da manhajar 'yan kasuwa ke turawa da kanta idan lokacin aiki ya wuce. Saƙo ɗaya ne, Hausa a sama, Turanci a ƙasa.

Mijin Yaya, ma'aikacin gwamnati, shi ya rubuta Turancin, busasshe kamar takardar sallama: wannan amsar na'ura ce, mun rufe, sai da safe. Hausar aka bar mini. Ni kuwa da na tashi cikin littattafan soyayya na kasuwa, ina zan iya cewa "na'ura"? Na rubuta: "Saƙonku ya iso kamar ƙamshi bayan ruwan sama. Ko mun yi shiru, kuna ranmu har gari ya waye." A wurin zaɓen waɗanda za a tura wa na bar shi a kan kowa da kowa.

Cikin kowa har da Hajiya, uwar mijin Yaya, da ke Rigasa. Tun auren, gaisuwa kawai ke haɗa ta da Yaya, ita ma a tsaitsaye. Wata rana bayan magariba ta turo saƙon murya tana cigiyar kular abincinta. Amsata ta je mata. Hajiya na karanta Hausa, Turanci kuwa ado ne a wurinta.

Washegari sai ga dambun nama daga Hajiya. Aka fara kiran Yaya "'yata".

"Kar ki taɓa komai," in ji Yaya. "Kin ji ni ko, sarkin mafarki?"

"To idan wani ya karanta mata na ƙasan fa?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi!"

Ba Turancin ne ya tona mu ba. A gidan suna Hajiya ta fito da waya tana nuna wa maƙwabciyarta irin surukar da Allah ya ba ta. Matar, mai sayen humra a wurinmu, ta fito da tata. Ƙamshi ɗaya, ruwan sama ɗaya.

Hajiya ta iso shago ko mayafi ba ta gyara ba.

"Ashe duk Kaduna ce a ranki har gari ya waye?"

Yaya ta durƙusa, ni na shige bayan kwalabe.

"Waye ya tsara maganar?"

Yaya ta nuna ni, ko kunya babu.

"Ke, kin iya zance. Amma ki cire ni daga layin masu sayen turare. Ke kuma," ta juya wajen Yaya, "mai baki ce ke, ki riƙa kirana."

Nan take na sa lambarta cikin waɗanda ba a tura wa. Yanzu kullum da yamma Yaya kan kira Rigasa, tana in-ina, ni ina gefe ina raɗa mata. Ranar da na zarce da yawa, sai mu ji Hajiya ta ce, "Ki ce wa ta gefenki ta rage ruwan saman."