"Mu Ma Kwastomominka Ne"

Akwai wata Litinin da har yau ba ta fita raina ba, kuma ita nake ba sababbin ma'aikata labari duk sanda aka turo su sito su koyi aiki a hannuna. A lokacin watana biyar da fara aiki a wata makaranta mai zaman kanta da ke Tarauni, a matsayin mai kula da sito. Ƙa'idar makarantar ita ce sabon ma'aikaci zai yi wata shida na gwaji kafin a ba shi takardar tabbatarwa. Saura mini wata ɗaya ke nan. Shekara uku na yi ina yawo da takardun digiri kafin in sami wannan aikin, saboda haka ko biro ɗaya ba na bari ya fita daga sito ba tare da sa hannu ba.

Ga wanda bai san tsarin ba, kafin kowane zangon karatu makaranta tana sayen littattafan rubutu, da alli, da takardar buga jarrabawa. Ba mutum ɗaya ke zaɓar wanda za a saya a wurinsa ba. Ana karɓar takardar farashi daga 'yan kasuwa aƙalla uku, kowa ya kawo tasa a rufe tare da samfurin kayansa. Sai kwamiti na mutum uku ya zauna: shugabar makaranta, wadda muke kira Hajiya, da Malam Tijjani mai kula da harkokin gudanarwa, da mai sito, wato ni. Nawa aikin shi ne in duba ingancin samfurin, in ƙirga shafuka, in gwada ko tawada tana ratsa takardar. Akwai kuma sharaɗin da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni: duk ɗan kwamitin da ke da alaƙa da ɗaya daga cikin 'yan kasuwar dole ya faɗa tun kafin a buɗe takardu.

Maƙwabcina a Gyaɗi-Gyaɗi shi ne Malam Nasiru. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya daɗe yana tuƙa adaidaita sahu, har bayansa ya fara ba shi matsala, sai ya sayar da ita ya kama shago a bakin layinmu, ya zuba kayan rubutu da injin kwafe takardu. Ranar Asabar kafin Litinin ɗin nan ya buɗe. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar shagon, limamin masallacinmu ya yi addu'a, aka raba dabino da lemo. Ni ban samu zuwa ba, domin ranar muna ƙidayar kayan sito. Da tsakar rana na ga ya sa hotunan shagon a Fesbuk, mutane suna ta yi masa fatan alheri. Na ji nauyin rashin zuwana, sai na rubuta a ƙarƙashin hoton:

"Ma sha Allah, Malam Nasiru. Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa, ya tsare daga asara. In sha Allahu mu ma kwastomominka ne."

Na karanta shi sau biyu kafin in tura, kamar yadda na saba, ban ga aibi ba. Da na ce "mu", kaina nake nufi da iyalina. Haka muke magana. Mutum yakan ji kunyar cewa "ni" a irin wannan wuri. Abin da ban tuna ba shi ne, a shafina, ƙarƙashin sunana, na rubuta aikina da sunan makarantar.

Ranar Litinin da hantsi Hajiya ta aiko a kira ni. Na tarar da Malam Tijjani a zaune, da kuma Madam Ngozi, wadda ta shekara da shekaru tana kawo wa makarantar littattafai, kuma Hausarta ta fi ta wasunmu. Hajiya ta miƙo mini wayarta. Hoton rubutuna ne. Malam Nasiru ya ɗauke shi ya sa a sitatus ɗinsa na Watsaf, ya ja layi a ƙarƙashin "mu ma kwastomominka ne", ya ƙara da cewa: "Alhamdulillah, ranar farko har babbar makaranta ta shigo hannu."

Madam Ngozi ta ce, "Hajiya, ni ba faɗa na zo yi ba. In an riga an ba wani, a gaya mini, kada in ɓata takarda da kuɗin mota."

Hajiya ta ba ta haƙuri, ta tabbatar mata ba a ba kowa ba. Bayan ta fita sai ta juyo gare ni.

"Malam Auwalu, su wane ne 'mu'?"

"Ranki ya daɗe, ni ne da matata."

"Matarka ce aka rubuta a ƙarƙashin sunanka, ko makarantata?"

Ta jawo wata ambulan daga aljihun tebur ta nuna mini. Ashe da safiyar nan Malam Nasiru ya kawo takardar farashinsa ofishin, ya ce wa mai gadi maƙwabcinsa ya san da zancen. Nan take aka buga mini takardar neman ba'asi, wadda muke kira kweri, aka ba ni kwana biyu in amsa a rubuce. Hajiya ta ce amsar ce za ta nuna ko za a yi maganar tabbatar da ni ko a'a.

A baranda Malam Tijjani ya riƙe hannuna ya ce, "Kai ma ka cika tsoro. Goge rubutun kawai, ka ce wani ne ya taɓa maka waya. Wa zai bincika?"

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin hakan. Na buɗe wayar har sau uku. Amma hoton ya riga ya zaga, gogewa ba za ta dawo da shi ba, sai dai ta sa a ce na ɓoye wani abu. Sannan abin da na rubuta addu'a ce ga maƙwabci a ranar da ya zuba duk abin da ya mallaka a shago ɗaya. Mutanen layinmu sun gani, wasu har sun amsa da amin. In ya duba gobe ya ga babu, me zan ce masa? Kuma alƙawarin da na yi, ko da an fahimce shi a karkace, da gaske na yi shi. Sai na yanke cewa ba zan goge ba, ba kuma zan yi ƙarya ba, ko da aikin zai tafi.

Da aka tashi, bayan la'asar, na wuce shagon kai tsaye. Malam Nasiru yana jera kwalayen biro, da ya gan ni ya washe baki.

"A'a, manyan kwastomomi! Ɗan boko da kansa! Bismillah, ga kujera."

Na zauna, na yi masa murna, sannan na ce, "Malam Nasiru, wataƙila ni ne ban rubuta daidai ba. 'Mu' ɗin nan, gidana nake nufi. Makaranta ba tawa ba ce, ba ni da ikon yi mata alƙawari."

Fara'arsa ta ragu. Ya ce, "Haba Malam Auwalu. Kai ne fa mai sito."

"Mai sito ajiya yake yi. Saye na kwamiti ne."

"To ai kana cikin kwamitin."

"Jibi zan fita daga ciki, saboda kai."

Ya ajiye kwalin da ke hannunsa. "Wato maƙwabtakar ce ta zama laifi?"

Na yi masa bayanin sharaɗin da na sa wa hannu, da kwerin da ke aljihuna. Na fito da shi na ba shi ya karanta. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce shi wallahi murna ce ta ɗebe shi, yana so mutane su ga shagon ya samu karɓuwa, domin mai saye ba ya son shiga inda babu kowa. Na ce na gane. Na roƙe shi abu biyu: ya cire sitatus ɗin, kuma ya bar ni in ƙara rubutu a ƙarƙashin na farko. Ya ce, "Takardar farashina fa?" Na ce tana nan, za a buɗe ta tare da sauran, sai dai ba da ni ba.

A gabansa na rubuta: "Ƙarin bayani: 'mu' da na ce, ni da iyalina nake nufi, ba wurin aikina ba. Addu'ata tana nan, alƙawarina yana nan." Ban gyara rubutun farko ba, domin da na gyara, duk wanda ya so zai iya ganin an taɓa shi. Malam Nasiru ya ɗauki tasa wayar, ya yi ta rubutawa yana gogewa, daga ƙarshe ya amsa: "Ni ne na fahimta ba daidai ba. Na gode maƙwabci." Kafin in tashi na sayi littattafan rubutu na 'yata da fakitin takarda ɗaya, na ce ya rubuta mini rasit da sunana. Ya rubuta yana ƙunƙuni, wai shi bai taɓa ganin maƙwabci mai wahalar sha'ani irina ba.

Ranar Laraba na kai amsata, shafi ɗaya. Na amsa cewa na yi sakaci da kalma, na bayyana alaƙata da Malam Nasiru, na nemi a cire ni daga zaman wannan zangon. Na haɗa da hoton rubutun biyu da amsarsa. Hajiya ta karanta a tsaye.

"Na ga bayanin. Amma me ya hana ka goge na farkon? Ka goge shi yanzu, a wuce wurin."

Na ce, "Ranki ya daɗe, in kin ce in cire sunan makaranta daga shafina, yanzu zan cire. Amma wancan addu'a ce na yi wa maƙwabcina. Ina ganin, in ba ki ga laifi ba, bai kamata in janye ta ba."

"In kuma na ga laifi?"

"To sai dai ki yi haƙuri da ni."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe. Sannan ta ce, "Cire sunan makarantar." Na cire a gabanta. Ta sa hannu a amsata, ta ce a saka a fayil ɗina.

An yi zaman ba da ni ba. Wani malamin lissafi ne ya duba samfurin. Madam Ngozi ce ta samu, domin littattafanta sun fi kauri. Malam Nasiru ya yi kusan mako biyu gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana" ba, kafin ya saki jiki. Ni kuma da wata ya cika aka ba ni takardar tabbatarwa, tare da gargaɗi a rubuce, wanda har yau yana cikin fayil ɗin.

Abin da na koya, in na fahimta daidai, shi ne wanda aka ba amanar sito ba kaya kaɗai aka ba shi ba, har da bakinsa. Kalmar da ka faɗa don kunya, wani zai iya jin ta a matsayin umarnin ofis, kuma ba lallai mugunta ce ta sa shi ba; sau da yawa fata ce. Saboda haka nake gaya wa masu tasowa: ku yi wa maƙwabtanku fatan alheri, kada aiki ya hana ku. Amma kafin ku yi alƙawari, ku tabbatar abin da kuke alƙawartawa naku ne, kuma in naku ne, ku tsaya a kansa ko da ana kallonku ta saman tabarau.