Gwaggo da filas ɗinta

A danginmu in mutum ya kwanta asibiti, kafin a gaya wa matarsa an gaya wa Gwaggo. Yayar Baba ce, ba ta taɓa aikin asibiti ba, amma masu gadi suna gaishe ta kamar ma'aikaciya. Ta yi jinyar mijinta har ya rasu, ta yi ta ƙannenta da 'ya'yansu, ta yi ta wata maƙwabciya da ba sa ko ga-maciji. Kayan aikinta a ɗaure suke kullum bayan ƙofa: tabarma, bokiti, buta, mafici, fitila, da wani jan filas wanda ya girme ni.

Ilimin jinyar Gwaggo guda ne: mara lafiya ya sha. Zazzaɓi ne, ya sha. Karaya ce, ya sha. Tana zaune a bakin gado da murfin filas a hannu, kana buɗe baki ka ce ka ƙoshi ta zuba maka shayi a ciki. Duk wanda ya warke, shayin ne. Wanda bai warke ba, dama bai sha da kyau ba.

Baba tela ne, kuma ciwon baya ya daɗe yana cin sa, yana ta haɗiyar ƙwayoyin kemis. Da ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ɗauke masa, aka kwantar da shi a ƙaramin asibitin unguwa. Ranar Gwaggo tana wajen wata jinyar, Yaya, babban wanmu, shi ya kwana da shi. Washegari da hantsi ta iso da kayanta, ta shimfiɗa tabarma, ta riga ta ba Baba murfi biyu na shayi kafin nas ta gani. Nas ta ce a daina. Gwaggo ta ce to, irin to ɗin da take ce wa nas-nas tun kafin a haifi wannan.

Da rana likita ya yi wa Baba da Yaya bayani, sannan ya ba da takarda biyu. Ɗaya a rufe, ta likitocin babban asibiti. Ɗaya ta iyali, da Hausa, don a karanta wa mutanen gida. Aka bar ƙanin Baba da suke uba ɗaya a wajensa, muka taru a tsakar gida, Mama tana kan kujera saboda gwiwa. Ni na karanta.

Takardar ta ce ƙodar Baba ba ta tace jini yadda ya kamata, ruwa da datti suna taruwa a jikinsa. Yana bukatar likitan ƙoda, wataƙila da wankin ƙoda, su kuma ba su da injin. Ta ce mayar da shi babban asibiti ba yana nufin an cire rai ba ne, can ne ake da abin da yake bukata, kuma an yi magana da su, sun ajiye masa gado.

Mama ta ce, "Sake karanta wajen cire ran nan."

Na sake. Ta share ido ta ce in ci gaba.

Motar asibiti za ta tashi da safe tare da nas. Mutum ɗaya ne zai bi shi, da jaka ɗaya ƙarama. A zo da katinsa, da sakamakon gwaje-gwajen baya, da kayan sawa, da duk maganin da yake sha a cikin kwalinsa, har wanda ya saya da kansa. Mutum biyu masu lafiya su biyo baya ko za a bukaci jini. Sannan aka ja layi a ƙarƙashin magana ta ƙarshe: kada a ba shi ruwa, ko shayi, ko lemo da ayaba, sai abin da nas ta auna, domin ruwan da bai fita ba yana iya taruwa a huhunsa ya hana shi numfashi.

Gwaggo ta ce, "Jaka ɗaya? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa jinya ba."

Aka tashi neman kwalayen magani, sai aka tarar babu. Tun bara Gwaggo ta ga tarkace ne, ta ɓare ƙwayoyin duka ta juye a gwangwanin madara mai tsabta, ta zubar da kwalayen. Baba yana zaɓa ne da launi.

Yaya ya gyara murya. "Gwaggo, ki yi haƙuri, ni zan bi shi."

"Kai? Kai da ka yi barci a jinyar matarka har ta tashi ta rufe ka da zane?"

"Na yi barci, Gwaggo. Amma in ya ce in ba shi ruwa zan iya cewa a'a. Ke ba za ki iya ba."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Uwarsu ta rasu Baba yana rarrafe, Gwaggo ce ta goya shi. Har yau in ya yi tari a ɗaki, ita ce take fara jin ƙishirwa. Na ji tausayinta, kuma na ji tsoro, don ran Baba ne a murfin filas ɗin nan.

Gwaggo ta ɗauki gwangwanin madara ta fita. Daga baya mai kemis ya ba mu labari: ta zazzage masa ƙwayoyin a kan kanta, ta hana shi sallamar kowa sai da ya gane waɗanda yake sayar wa Baba, ya haɗa kowace da kwalinta. Biyu bai gane ba, ya ce a kai su haka likita ya gani. Daga can ta wuce asibiti ta tsare nas ɗin nan a baranda.

"'Yar nan, in ya ce ƙishirwa fa?"

"Ki jiƙa auduga ki shafa masa a leɓe, Mama."

"Auduga."

"Auduga."

"Allah ya kyauta," in ji Gwaggo.

Da safe muka same ta a bakin motar asibiti, ta riga kowa. Jaka ɗaya ce a hannunta. Ta buɗe wa Yaya kamar mai nuna kaya a shingen bincike: takardu, kati, magunguna a kwalayensu, rigunan Baba, ƙullin auduga. Nata zane ɗaya ne. Babu tabarma, babu bokiti. Filas ɗin yana hammatarta, kuma Yaya shi yake kallo.

Aka turo Baba a kan gado mai taya, fuskarsa a kumbure, leɓensa a bushe. Nas ta karɓi takardar da ke rufe, ta tambayi wanda zai bi shi. Kafin kowa ya amsa Baba ya hango jan abin nan.

Ya ce wa Gwaggo, "Yaya, ɗan tsiyaya mini. Kaɗan."

Shekara sittin da wani abu yana faɗa mata haka. Na ga hannunta ya tafi kan murfin da kansa, har ya fara murɗawa. Sai ta juyo ta danƙa mini filas ɗin a ƙirji, da ƙarfi, har na ji zafinsa ta cikin riga. A cike yake. Ta dafa shayin da asuba kamar kullum.

Ta ce masa, "Babu. Ka yi haƙuri, auta. Babu."

Ta fito da auduga, nas ta ɗiga mata ruwa, ta shafa masa a baki. Baba ya ɓata rai ya juya kai, bai taɓa jin wannan kalmar daga bakinta ba.

Yaya ya matsa daga bakin ƙofar motar. Ya ce shi da ƙanin Baba za su biyo a motar haya saboda jinin. Ya kama mata hannu ta hau.

Kafin a rufe ƙofa ta leƙo ta ce mini, "Ki wanke filas ɗin, kada ki sa masa soso a ciki. In sun ce ya sha, zan aiko."

Na wanke shi na kife a kan tire. Mama ta ce in ɗauke shi daga nan in ajiye a bayan ƙofa tare da tabarma da bokiti, inda za a same shi da sauri.